Mota Ta Tafi Shan Mai: Yadda Ake Gina Labarin Maƙwabta Biyu a Tasha

Akwai wani irin gajeren labari da kan yaudari sabon marubuci saboda ganin sauƙinsa. Mutum biyu ne kawai a cikinsa, wuri ɗaya ne, lokacin kuma bai wuce awa ɗaya ko biyu ba. Maƙwabta ne, katanga ɗaya ta raba su, amma ba su taɓa zama sun yi magana ta gaskiya ba sai ranar da suka haɗu a tasha, mota ta yi musu jinkiri. Babu kisa, babu aljani, babu gadon da za a kai gaban alƙali. Wanda bai gwada ba sai ya ce a zama ɗaya zai gama. Da ya gwada, abin da yakan fito shi ne mutum biyu suna karanta wa juna tarihin rayuwarsu, mai karatu kuma ya ajiye takarda tun kafin a kai rabi. A nan ina so mu ɗauki labari guda irin wannan, mu bi shi daki-daki, don mai karatu ya ga inda ƙarfinsa yake, mai sha'awar rubutu kuma ya ga inda ake zamewa.

Matsala ta farko daga al'adarmu take tasowa. A ƙasar Hausa maƙwabta ba sa rasa magana. Ana gaisawa da safe, ana gaisawa da yamma, ana aiken yara, ana miƙa kwanon abinci da salla. Marubucin da ya ce mana wasu maƙwabta sun shekara uku ba wanda ya ce wa wani uffan, to ya ba mu labarin gaba ne, kuma wannan wani labari ne daban. Abin da muke nema ya fi haka laushi. Mutanenmu suna gaisawa kullum, sai dai gaisuwar ce iyakarsu. Gaisuwar Bahaushe kuwa amsarta a shirye take tun kafin a yi tambayar. An kwana da zazzaɓi, a ce lafiya lau. An kwana ana kuka, a ce gida lafiya. Mutum zai iya shekara goma yana gaisawa da wani ba tare da ya faɗa masa gaskiya ko sau ɗaya ba, kuma ba wanda zai kira shi maƙaryaci. Saboda haka aikin labarin shi ne ya kai mutum biyu daidai wurin da amsar da aka saba ta ƙare, aka koma amsar da ba a shirya ba.

Ga mutanen da na ƙago mana. Ta farko dattijuwa ce, kowa a layin Hajiya yake ce mata, mijinta ya rasu shekara ɗaya da 'yan watanni da suka wuce. Ta biyu yarinya ce da aka kawo gidan haya na jikin katangarta shekara uku baya, tana ɗinki a cikin gida. Hajiya har yau Amarya take kiranta, domin ba ta taɓa tambayar sunanta ba. Ita kuma Mama take ce wa Hajiya. Wannan kiran kaɗai ya isa ya nuna wa mai karatu tazarar da ke tsakaninsu, ba sai marubuci ya bayyana ba.

Dole a sami dalilin tazarar, kuma dalilin ya zama abin da mai karatu zai ce haƙiƙa haka kan faru. Namu shi ne wannan: da mijin Hajiya ya rasu, Amarya ba ta shiga gaisuwa ba. Aka yi uku, aka yi bakwai, aka yi arba'in, Hajiya ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma a cikin gida, matan layi duk sun shiga, har na bayan layi, ban da wadda ke jin tarin mamacin ta katanga. Hajiya ba ta ce komai ba, ba ta kuma daina amsa gaisuwa ba. Ta dai riƙe. Duk macen da ta taɓa zaman makoki ta san cewa mai rashi, duk da hawayen da ke idonta, tana ganin wanda ya zo da wanda bai zo ba.

A nan sai marubuci ya tsaya ya yi wa kansa tambayar da mai karatu zai yi. Ina mijin Amarya? Bai je jana'iza ba ne? In ya je, me ya sa bai faɗi uzurin matarsa ba? Amsar da ta dace da rayuwa ita ce ya je, ya yi sallar gawa, ya zauna da maza a ƙofar gida, ya tashi. Uzurin matarsa irin wanda namiji ba ya faɗa a kan tabarmar makoki ne. Jimla ɗaya ta isa ta toshe wannan kafar, amma in ba a toshe ta ba, mai karatu mai lura zai daina yarda da labarin gaba ɗaya.

Yanzu tasha. Marubuta da yawa suna ɗaukar jinkirin mota kamar ado, wani abu da ake ambata a layin farko a manta da shi. A gaskiya jinkirin ne ke ɗauke da labarin, kuma yana bukatar tunani fiye da yadda ake zato. A manyan kamfanonin bas na Nijar, waɗanda ke tashi daga Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram tun kafin gari ya waye, akwai tikiti da lokacin tashi, don haka in mota ta makara agogo ne zai shaida. A yawancin tashoshin arewacin Nijeriya ba haka ba ne. Mota ba ta da lokaci, sai ta cika. Wanda ya zauna awa guda a tashar Ƙofar Ruwa a Kano yana jiran motar Katsina ta cika bai ga wani abin mamaki ba, ya shirya wa hakan tun daga gida. Irin wannan jira ba ya matsa wa kowa. In ya gaji yana iya sauka ya karɓi kuɗinsa, ko ya fita bakin titi ya tari wata.

Abin da labarin ke bukata jira ne wanda ba a iya gudu daga gare shi. Ga shi kuwa, kowane matafiyi ya san shi: hayis ta cika, an karɓi kuɗi, an loda kaya an ɗaure, sai direba ya ce kowa ya ɗan jira a rumfa, zai je ya sha mai ya dawo yanzu-yanzu. Ya tafi da mota, da kaya, da kuɗi. Gidan mai da layi. Yanzu ba mai iya tafiya, ba kuma wanda ya san ko minti goma ne ko awa biyu. Wannan rashin sanin yana da amfani ƙwarai. Da sun san awa biyu ce, kowace za ta nemi abin yi. Da sun san minti biyar ne, gaisuwa ta ishe su. Amma da yake kowane lokaci mota na iya shigowa, duk maganar da aka fara ana yin ta ne da sanin cewa za a iya katse ta, kuma mutum ya fi sakin baki idan yana ganin hanyar tsira na nan tafe.

A juzu'i na farko na Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta a ƙarshen shekarun 1930, aku ne ke jan Musa ɗan sarki da labari dare bayan dare don kada ya fita. A can labari ne ke tsayar da mutum. A namu an riga an tsayar da mutanen, tsayawar ce za ta tatso maganar. Marubucin Amurka Ernest Hemingway ma yana da wani gajeren labari na 1927 mai wannan tsari: namiji da mace a wata ƙaramar tashar jirgin ƙasa a Sifen, saura minti arba'in jirgi ya iso, suna ta kewaye-kewaye a kan wani aikin likita da ba su taɓa kiran sunansa ba har labarin ya ƙare. Mai karatu da kansa yake gane cewa zancen zubar da ciki ne. Na kawo shi ne saboda wannan dabarar ta ƙin kiran abu da sunansa, wadda a wurinmu ba dabara ba ce ma, ita ce yadda ake magana. Kunya ta riga ta ba marubucin Hausa wannan makami kyauta, yawancinmu ne dai ba ma amfani da shi.

Ƙananan abubuwa biyu kafin a buɗe baki. Na farko wurin zama. A sa su kan benci ɗaya, gefe da gefe, dukansu suna fuskantar ƙofar tasha. Yarinya mai tarbiyya ba za ta kalli idon babba ta faɗi abin da ke cinta ba, amma tana iya faɗa wa ƙofar tasha alhali babbar na ji. Na biyu waya. Yarinyar yau da ta rasa abin yi za ta sunkuya kan wayarta ne har mota ta zo, labari ya mutu. Dole marubuci ya raba ta da ita, kuma kada ya ce caji ne ya ƙare, wannan arha ce. Amarya da kanta ta kashe wayar ta tura cikin jaka. Hajiya ta gani. Ta kuma ga abin da yaron mota ya loda ɗazu: akwati biyu, da kan keken ɗinki naɗe a cikin zani. Mai zuwa ganin gida na kwana biyu ba ta ɗaukar kekenta. Marubuci ba ya bukatar rubuta kalmar yaji ko sau ɗaya.

Da idon wa za mu ga duk wannan? Na zaɓi idon Hajiya, saboda ita ce mai riƙo, ita ce kuma wadda fahimtarta za ta juye. Idan aka shiga zuciyar Amarya tun farko, an tona uzurinta, ba sauran abin jira. Idan kuma aka riƙa tsalle daga zuciyar wannan zuwa ta waccan, kamar yadda ake yawan yi a dogayen littattafan soyayya, to mai karatu ya san komai kafin mutanen su sani, sai ya zauna yana jiran su kamo shi. A labari gajere irin wannan a tsaya a kai ɗaya.

Sai a fara da gaisuwar da aka saba, a bar ta ta yi tsawonta:

“Amarya, ashe tafiya za a yi?”

“E, Mama. Ina kwana? An tashi lafiya?”

“Lafiya lau. Ya maigidan?”

“Yana lafiya.”

Daga nan shiru. Kada marubuci ya ji tsoron wannan shirun, kada kuma ya cike shi da bayanin yanayin zuciya. Tasha ba ta rasa abin cike shiru: mai ƙosai ta zo ta wuce, almajiri ya tsaya da kwanonsa, wani fasinja ya tashi ya je ya yi wa ɗan kamasho faɗa, ɗan kamasho ya ce ai ga ta nan tafe. Waɗannan su ne agogon labarin. Maimakon a rubuta cewa bayan minti talatin, sai a nuna inuwar rumfa ta janye har rana ta taɓa ƙafar Hajiya, ta matsa, matsawar kuma ta kusantar da ita ga yarinyar. Amma a yi hattara, mutum uku ko huɗu na tasha sun isa. Wanda ya shagala da zana dukan masu talla da 'yan dako ya koma rubuta rahoton tasha.

To me zai fasa gaisuwar? Nan ne mafi yawan irin waɗannan labarai ke faɗuwa. Sai ka ga ɗaya ta yi ajiyar zuciya haka kawai ta ce, wallahi akwai abin da na daɗe ina son faɗa miki. Ba wanda ke magana haka da mutumin da ya shekara yana kauce wa. Dole wani abu daga waje, ƙarami, na yau da kullum, ya tura su. A tashoshi da dama ana zagayawa da takardar sunayen fasinja kafin a tashi: kowa ya rubuta sunansa, da inda za shi, da lambar wani nasa da za a kira in wani abu ya faru a hanya. Ɗan kamasho ya miƙo takardar da biro. Tabaran Hajiya na cikin jakar da mota ta tafi da ita. Ba yadda za ta yi, sai ta miƙa wa Amarya.

Amarya ta rubuta sunan, sannan ta ce, “Lambar wa zan sa, Mama? Wanda za a kira.”

Hajiya ta fara karanto lamba da ka, ba gargada. Ta kai tsakiya sai ta tsaya.

Biron ya tsaya shi ma. Can Amarya ta ce a hankali, “Allah ya ji ƙan Baba.”

“Amin,” in ji Hajiya, idonta na kan ƙofar tasha. “Shekara ɗaya ke nan da wata biyu. Yau na ji ta daga bakinki.”

A duba abin da ya faru a waɗannan 'yan layuka. Ba a ce Hajiya tana kewar mijinta ba, lambar da bakinta ya haddace ce ta faɗa. Ba ta kuma shirya yin gori ba. Ta'aziyyar da ta makara ce ta zo mata a lokacin da zuciyarta ke buɗe, abin da ta riƙe ya kuɓuce. Kuma ko da ya kuɓuce, ya fito irin na manya, ba zagi, ba ɗaga murya. Da ta ce ke wace irin maƙwabciya ce, da mai karatu ya bar ɓangarenta nan take, da kuma yarinyar ta sami dalilin yin shiru.

Amsar Amarya ita ce tsakiyar labarin, kuma ita ce ta fi bukatar a riƙe alƙalami. Jarabar da ke nan ita ce a ba ta shafi guda ta zayyana komai, da ranar da abin ya fara, da abin da likita ya ce, da yadda ta ji. Yarinyar da ta yi ɓarin cikin fari ba ta yi wa sa'ar uwarta irin wannan bayani, balle a bainar jama'a. Cikin fari ko lafiyayye ne ana jin nauyin ambatonsa. Ga iyakar abin da za ta iya:

“Ranar da aka fita da shi ina asibiti, Mama.”

Hajiya ba ta juyo ba.

“Wata biyar ne. Namiji.” Ta juya biron a hannunta. “Da aka sallamo ni ina jin masu gaisuwa ta katanga. Na ce sai na ji ƙarfi. Da na ji ƙarfi an yi bakwai. Na ce da wane ido zan shiga. Aka yi arba'in.”

Ba ta ce ciki ba, ba ta ce ɓari ba, kuma ba mai karatun da zai rasa ganewa. Abin da ya fi taɓa ni a nan ba rashin ɗan ba ne kaɗai, har da bayanin yadda kunya ke ninkuwa: kowace rana da ta wuce tana ƙara wa shigar nauyi, har abin da kwana uku zai gyara ya zama na shekara. Kusan kowa yana da gaisuwar da ya bari ta tsufa a hannunsa haka, shi ya sa mai karatu zai ga kansa a cikin yarinyar.

Da a nan aka tsaya, da labarin ya zama na wanke wadda ake zargi kawai: Hajiya ta yi kuskuren fahimta, an gyara mata, shi ke nan. Wannan bai isa ba. Hira ta gaskiya sai kowane ɓangare ya ajiye wani abu. Nan keken ɗinkin zai yi aikinsa na biyu. Tun a farkon labarin ya kamata an shuka cewa Hajiya ta saba jin ƙarar keken ta katanga bayan isha'i, har a dararen takaba ita ce ke taya ta zama. Yanzu sai ta ce:

“Shi ya sa keken ya yi shiru.”

Jimla ɗaya ce, amma ikirari ce. Ta lura keken ya yi makonni bai motsa ba daidai lokacin rasuwar. Ta lura, ba ta kuwa aiki ko yaro ya leƙa ya tambaya ko lafiya ba. Ita ma akwai gaisuwar da ake bin ta. Wannan shi ne abin da ya bambanta labarin maƙwabta da labarin baƙi biyu da suka haɗu a mota. Baƙi ba su san komai game da juna ba, sai an faɗa musu. Maƙwabta kuwa sun san da yawa ta kunne: tari, kuka, faɗan dare, ƙarar ƙofa, ranar da ba a ɗora tukunya ba. Ladabi ne ke sa kowa ya yi kamar bai ji ba. Hirar farko ta gaskiya tsakaninsu ita ce ranar da ɗaya ta amsa cewa tana ji. Marubucin da ya sa maƙwabtansa suna ba juna labarin abin da katanga ta riga ta sanar da su ya mai da su baƙi, ya kuma zubar da abin da ya fi daraja a hannunsa.

Masu karatunmu sun san matsayin maƙwabci a addini. Aya ta 36 a Suratun Nisa'i ta ambaci maƙwabci na kusa da na nesa da abokin da ke gefe, wanda wasu malaman tafsiri suka fassara da abokin tafiya, ga shi kuwa Hajiya da Amarya sun haɗa biyun a kan benci ɗaya. Saboda mai karatu ya san wannan ne ya sa bai kamata a sa shi a bakin kowa a cikin labarin ba. Na sha ganin rubutu mai kyau ya lalace a shafin ƙarshe saboda an kawo wani malami daga bencin baya ya yi wa'azin haƙƙin maƙwabtaka. Niyyar mai kyau ce, amma tana nuna marubuci bai amince da abin da ya gina ba. Wanda ya ji jimlar keken nan ya riga ya ji wa'azin a jikinsa.

Saura zuwan mota, kuma lokacin zuwanta zaɓi ne na marubuci, ba na direba ba. In ta zo kafin Hajiya ta yi ikirarinta, an yanke labarin bai nuna ba. In ta daɗe har suka tattauna matsalar auren Amarya, Hajiya ta ba da shawara, yarinya ta fasa tafiya, aka sauke akwati, to an cusa littafi guda cikin shafi uku, an kuma yi ƙarya, domin aure ba ya gyaruwa a rumfar tasha. Motar ta shigo daidai lokacin da abu ɗaya ya sauya, saura kuma na nan a buɗe. Hayis ta kunno kai, fasinja suka miƙe, ɗan kamasho ya zo karɓar takarda. Hajiya ta leƙa, ko ba tabarau tana iya ganin gurbin da ke gaban sunan Amarya fari ne, ba ta sa lambar kowa ba.

“Rubuta tawa,” in ji Hajiya. Ta karanto, Amarya ta rubuta. Sannan ta ɗaga murya ga yaron mota: “Kai, keken nan a sake duba ɗaurinsa, kada ya bugu.”

Nan labarin ya ƙare. Ba mu san ko Amarya za ta dawo ba. Hajiya ba ta tambaye ta me ya faru da mijin ba, kuma wannan rashin tambayar shi ne girmanta. Abin da muka sani shi ne takardar da ta buɗe maganar ita ce ta rufe ta, kuma yarinyar da ta zo tasha ba ta da wanda za a kira yanzu tana da shi.

Game da tsawo, ma'auni mai amfani shi ne na gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata marubuta, inda aka riƙa neman labari tsakanin kalma 1,000 zuwa 1,500. Labarinmu zai zauna daidai a cikin wannan. In da ni ne, ba zan kashe fiye da kalma 200 ba kafin su biyun su zauna a benci. Tarihin rasuwar da rashin shiga gaisuwa kada ya wuce sakin layi ɗaya, a kuma sa shi bayan gaisuwar farko, lokacin da mai karatu ya riga ya ji sanyin da ke tsakaninsu yana neman dalili. Kaso mafi girma na shirun ne da takardar da abin da ya biyo baya. Daga shigowar mota zuwa ƙarshe kalma ɗari ta isa. Alamar cewa rabon ya karkace ita ce ka kai rabin labarin har yanzu kana ba da labarin yadda aka yi bikin Amarya.

Akwai gwaji biyu da ba sa bukatar kowane malami. Na farko, a rufe sunayen masu magana a karanta zancen da ƙarfi. In ba a iya gane wace ce Hajiya wace ce Amarya daga kalamansu kaɗai, to murya ɗaya ce aka raba biyu, ta marubucin. Hajiya tana magana a gajarce, tana iya yin umarni, tana iya yin shiru ba tare da ta ji nauyi ba. Amarya tana fara jimla da ladabi, tana kewaye, ba ta taɓa katse babba. Na biyu, a cire tashar a mai da hirar tsakar gidan Hajiya. In komai ya tafi daidai ba abin da ya ɓace, to jinkirin motar bai yi aikin komai ba, sai a sake. A namu ba zai yiwu ba: ba takarda, ba tabaran da ya tafi da mota, ba kan keke a cikin kaya, ba kuma abin da zai hana yarinyar ta ce bari in je in duba tukunya.

Rubutun zube na Hausa ya taso da labaran yawo. Littattafan gasar 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya, irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki, na mutanen da suka keta ƙasashe ne suka ga abin al'ajabi. Littattafan Kano na shekarun 1980 da 1990 kuma suka kawo dogon zango na soyayya da zaman aure, juzu'i bayan juzu'i. Duka biyun sun koya mana son labarin da abubuwa da yawa ke faruwa a cikinsa, har wasu masu karatu kan ce wa irin na Hajiya da Amarya ba abin da ya faru. A ganina wannan hukunci ba daidai ba ne. Riƙon shekara guda ya warware, mai zargi ta gano ita ma da nata, yarinya ta sami uwa a layinsu, duk cikin jiran mai. Mai karatu da ya ci karo da irin wannan labari ya sassauta gudu, ya lura da abin da ba a faɗa ba. Mai son rubuta shi kuma, kafin ya ɗauki biro, ya je tasha ya zauna a rumfa ya saurari yadda mutane ke magana in sun gaji da jira.